Yaya za mu raba kuɗin sadakar arba'in ba tare da faɗa ba?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Allah ya yi wa Babanmu rasuwa a Maroua makonni uku da suka wuce, mu tara ya bari, ɗaki biyu. Ni ce ta uku a ɗakinmu.

Likkafani da haƙa kabari ba su kawo matsala ba, tunda malam ya ce daga dukiyar mamaci ake fidda su kafin biyan bashi da rabon gado. Shinkafa, sukari da ganyen shayi na zaman makoki da sadakar bakwai kuwa, Yaya Babba ne ya ɗauke su shi kaɗai, sefa 180,000, bai shawarci kowa ba. Yanzu yana so a mayar masa daga gado. 'Yan ɗaya ɗakin suka ce atafau, ai akwai marayu biyu da ba su balaga ba, kuma malam ya ce ba a taɓa rabon maraya don sadaka. Gaskiya a nan ina bayansu.

A zaman Juma'a Baffa ya ce kowane baligi ya kawo 25,000 na arba'in. Ƙanina mai acaba ya ce, "Baffa, da ni da mai shago a N'Djamena kuɗinmu ɗaya?" Ya sa takalmi ya fita, ko shayinsa bai shanye ba.

Saura kwana 19. Mu bakwai mu raba daidai ne, ko kowa gwargwadon ƙarfinsa? In gwargwado ne, wa zai yanka wa kowa nasa ba a ce ya yi son kai ba? Kuma 180,000 ɗin Yaya, bashi ne a kanmu ko sadakarsa ce?