Abokina yana aiki a kamfanin, yaya zan roƙe shi ya miƙa sunana?

Nasiru, unguwar Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani kamfanin aika kuɗi ya fitar da sanarwa yana neman mataimakin kwantabul a reshensa na nan Maraɗi, Juma'a ta sama za a rufe karɓar takardu. Ina da lisansi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, kuma na shekara biyu ina riƙe da lissafin kuɗi da na kaya a shagon wani mai sari. Akwai abokina Habibu, tun lise muke tare, yana sashen na'ura a babban ofishinsu na Yamai, sai dai mun daɗe ba mu gaisa ba. Yaya zan roƙe shi ya miƙa sunana ba tare da na ɗora masa nauyi ba? Kuma me zan rubuta masa ya tura?

Lawali Ɗan Tibiri: Wa'alaikumus salam. Kai dai kar ka soma da rubutu. Mutumin da kuka daɗe ba ku gaisa ba, sai kawai ya ga CV ta faɗo masa a waya? Kira shi, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da su Inna. Bayan kwana biyu ko uku sai ka shigo da maganar.

Hajiya Mariyama: Lawali, kiran na yarda da shi, jan kwanakin ne ban yarda ba. Duk wanda aka kira bayan dogon shiru ya san akwai magana a ƙasa, kuma ga Juma'a tana matsowa. Ƙanena, ku gaisa, a cikin kiran nan ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ce za ka turo masa bayani a rubuce.

Na daɗe ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata, bari in gaya maka abin da ke faruwa a ɓangarenmu. Kafin komai, ka kai takardunka ta hanyar da sanarwar ta ce, ko imel ne ko ambulan a reshe. Idan sun nemi katin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ko takardar kotu mai shaidar ba ka da laifi, ka duba naka tun yau, don takardar kotun yawanci ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Idan ma'aikaci ya zo mini da sunan mutum, abin da nake fara yi shi ne in duba ko takardunsa sun shigo. In babu su, maganar ta mutu a nan, ko da shugaban sashe ne ya kawo sunan, saboda ba ni da abin da zan ajiye gaban kwamiti. Maganar abokinka tana sa a zaro takardarka daga cikin tuli a karanta ta da natsuwa, iyakarta ke nan. Jarabawa da ganawa kai za ka zauna.

Sai roƙon. Kar ka ce masa "ka taimaka ka sa ni a aikin nan", ba shi ke ɗauka ba, kuma ka bar shi da tunanin ta ina zai fara. Ka roƙi abu ɗaya ƙarami: ya tura saƙo guda ga mai karɓar takardu ko shugaban sashen lissafi. Sannan ka buɗe masa ƙofar fita, ka ce in dokar wurinsu ba ta yarda ba, ko yana ganin bai dace ba, wallahi ba komai. Akwai wuraren da ake so ma'aikaci ya bayyana alaƙarsa da mai nema, akwai kuma inda ba a son a sa baki ko kaɗan. Shi ya san gidansu.

Saƙon da zai tura kuwa kai za ka rubuta, amma da bakinsa, yadda zai kwafa ya aika ba sai ya gyara ba. Da Faransanci za ka rubuta tunda shi ne harshen ofis, ga dai abin da zai ƙunsa:

"Barka da aiki. Nasiru wane, wanda na sani tun muna lise a Maraɗi, ya nemi gurbin mataimakin kwantabul na reshen Maraɗi, sanarwa mai lamba kaza, ya aiko takardunsa ranar Litinin. Yana da lisansi, kuma ya shekara biyu a shagon sari yana rufe lissafin kuɗi kowace yamma, yana bin bashin ƴan sari, yana ƙidayar kaya duk ƙarshen wata da Excel. A can Maraɗi yake zaune, zai iya fara aiki nan take. Ga CV ɗinsa, lambar wayarsa tana ciki. Na gode."

Ka lura ban sa "ƙwararre ne a lissafi" ba. Habibu bai taɓa ganin littafin lissafinka ba, in aka tambaye shi ta ina ya sani, me zai ce? Abin da zai iya tsaya wa a kai shi ne ya san ka, ya san gidanku da halinka. In yana so ya ƙara kalma kan riƙon amana, bar shi ya ƙara da kansa, ta fi nauyi. Zamanka a Maraɗi ma kar ka raina shi, da yawa masu nema daga Yamai suke, in an ba su sai su fara neman a mayar da su.

CV ta zama PDF, shafi ɗaya ya ishe ka, da suna irin `CV_Nasiru_Kwantabul.pdf`. Ban da hoton takarda da aka ɗauka a kan tabarma, inuwar hannu ta rufe rabi. Ban da saƙon murya kuma, ba wanda zai tura wa shugabansa muryar wani ta minti uku.

Malam Isufu, unguwar Ali Ɗan Sofo: Ni a ganina wurin Alhajin da ka yi wa aiki ya kamata ka je, ya rubuta maka takardar shaidar aiki ya buga hatimi. Abokin lakkwal me ya sani?

Nasiru: Malam, ita wannan ina da ita, tana cikin takardun da zan kai. Wanda zai ambaci sunana daga ciki nake magana. Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sanarwar ta ce ana son wanda ya iya Sage, manhajar lissafin kuɗi ta kwamfuta, ni kuwa a makaranta kawai muka taɓa shi. In sa a cikin saƙon?

Balkisa: Don Allah kar ka sa. Ni aka yi wa haka. Ɗan unguwarmu ya rubuto mini ya iya Sage, na tura yadda ya rubuto. Ranar gwaji aka zaunar da shi gaban na'ura aka ce ya shigar da rasit ɗin saye guda, ya rasa inda zai danna. Shi ya tafi gida abinsa, ni aka bari da kallon shugabana kowace safiya. Tun daga nan ko ɗan ɗakinmu ne sai na yi masa tambayoyi kafin in miƙa.

Hajiya Mariyama: Ka sa shi a CV yadda yake: ka koya a jami'a, ba ka yi aiki da shi ba tukuna. A saƙon Habibu kuwa ka bar shi, abin da hannunka ya saba kawai zai shiga. In ka tura, ka saurari amsarsa. Wanda zai yi, tambaya yake yi: wace lamba ce sanarwar, yaushe ka aika. Wanda ya ce "to, za mu gani" ya yi shiru, ka tuna masa sau ɗaya kafin Juma'a, daga nan ka ƙyale shi, ku ci gaba da zumuncinku.

Lawali Ɗan Tibiri: Ni fa har yanzu ina shakka, Hajiya. Ɗan sashen na'ura a Yamai, wa zai ji maganarsa kan aikin lissafi a Maraɗi? Da shugaban reshen nan ya nema.

Balkisa: Ya danganta da inda ake tace takardun. In a Yamai ne, Habibu ya fi kusa da su. Kuma ƴan na'ura ai kowane ofis suna shiga, ba wanda kwamfutarsa ba ta taɓa lalacewa ba.

Nasiru: Sanarwar ba ta faɗi inda ake tacewa ba, adireshin imel kawai aka sa. Zan tambaye shi wannan ma in na kira shi bayan la'asar.