Taƙaitawa: du ko Sie a wasiƙar imel ta Jamusanci

Ga abin da na tattara daga muhawarar da aka yi kan yaushe ake kiran mutum da du, wato "kai" ko "ke" na sabo, yaushe kuma ake kiransa da Sie, na girmamawa.

1. Kowa ya yarda: wasiƙar farko ga wanda ba ku saba ba, malamin jami'a ne ko mai gidan haya, da Sie ake rubuta ta. A buɗe da "Sehr geehrte Frau" ko "Sehr geehrter Herr", sai sunan iyali, a rufe da "Mit freundlichen Grüßen". Sie, Ihnen da Ihr kullum da babban harafi suke, domin "sie" da ƙarami yana nufin "ita" ko "su".

2. Ba ƙarami ke fara neman du ba. Wanda ya girme ka, ko shugabanka a wurin aiki, shi ke tayi. Yakan rubuta "Wir können uns gerne duzen", wato za mu iya kiran juna da du. Amsa mai kyau ita ce "Sehr gerne", ka sa hannu da sunanka na farko kawai. Daga nan gaisuwa ta koma "Hallo", ko "Liebe" ga mace da "Lieber" ga namiji, rufewa kuma "Viele Grüße".

3. Kuskuren da aka fi ambata shi ne gauraya. Mutum ya karɓi du, sannan a tsakiyar wasiƙa ya rubuta "Können Sie" a inda "Kannst du" ya dace. Komawa Sie bayan an yi du kuwa ya fi muni, ana ɗaukarsa alamar ɓacin rai.

4. Inda aka rabu: idan baƙo ya fara maka da du. Wasu sun ce ka mayar masa da irinsa, musamman a ƙananan kamfanonin fasaha. Wasu sun ce ka tsaya kan Sie har ya yi tayin a fili. A ganina na biyun ya fi aminci idan aiki kake nema.