Wace kalmar Hausa za mu ba lambar d ta RSA?

Malam Isufu: Salamu alaikum malamai. Ina shirya ma ɗalibaina na nan Maradi gyaran wata tambaya kan RSA, dabarar ɓoye saƙo da lissafi, da Hausa, kuma kalma guda ta tsayar da ni, wadda takardun Faransanci ke rubutawa `inverse modulaire`. Ga tambayar: p = 7, q = 19, e = 5, a nemo d. To n = 133, φ(n) = 6 × 18 = 108. Ana son lambar da in an ninka ta da 5, aka raba da 108, saura 1.

Rabi: Malam, ba "kishiya" ba ce? Kishiyar 5.

Malam Isufu: Kishiya ta fi dacewa da −5, Malama Rabi, wadda ake tarawa a samu sifiri. Nan ninkawa ake a samu 1.

Hajiya Zainabu: Ni "mawarwariya" nake cewa, don abin da e ta ɗaure shi d ke warwarewa. A bi rabon Euclide har saura ta zama 1:

```
108 = 21×5 + 3
5 = 1×3 + 2
3 = 1×2 + 1
```

Sannan a hauro daga ƙasa, ana maye gurbin kowace saura:

```
1 = 3 − 2 = 2×3 − 5
1 = 2×108 − 43×5
```

Abokiyar 5 a nan −43 ce. A ƙara mata 108, d = 65. Gwaji: 5 × 65 = 325 = 3 × 108 + 1. A wannan gaɓar yara suka fi faɗuwa, su yar da alamar ragi su rubuta 43. Amma 5 × 43 = 215, saurarta 107, ba 1 ba. Ninkawa guda ta isa ta tona kuskuren, shi ya sa nake matsa musu su yi ta kafin su miƙa takarda.

Sani: Hajiya, ni 80 na samu, kuma gwajina ya fito: 400 = 3 × 133 + 1.

Hajiya Zainabu: Lissafinka daidai ne, Sani, amma da n ka raba maimakon φ(n). Ɗauki saƙo 2: 2^5 = 32. Da 65, 32 na komawa 2, don 32^65 in an raba da 133 saura 2. Da 80 ɗinka 16 za ta fito, saƙo ya ɓace.

Rabi: Matsalata da "mawarwariya", ta yi kama da sunan makullin sirri. In tambayar ba ta RSA ba ce, kamar `5x ≡ 1 (mod 108)` kawai, mi aka ɗaure? Na fi son "mai maida ɗaya". Kuma tana bayyana dalilin da e = 3 ba ta yiwuwa a nan: 3 na raba 108, rabon zai tsaya kan 3, ba abin da zai maida ta ɗaya.

Malam Isufu: Hujjarki ta zauna, sai dai tsawo. Zan sa "mai maida ɗaya" a darasin saura, in gwada "mawarwariya" ga d kaɗai. Wa ke da kalma ga φ(n)?