Kajina ba sa cika lissafi, ina gizo ke saƙar?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da sito a wani gidan abinci a Wuse, Abuja, kuma lissafin kaza ya ƙi daidaita.

Katan ɗin daskararriyar kaza kilo 10 ne, kason kowane faranti kuwa giram 250, wato a takarda kaso 40 ke nan, kuma a kan haka aka yanka farashi. Amma abin da ake sayarwa ba ya wuce 33. Littafin asara bai nuna komai ba sai ɗan abin da ya ƙone. Maigida ya fara zargin yaran kicin, ni kuwa ban yarda ba, don ina ganin ƙanƙarar da ke narkewa da kitsen da ake yankewa su ke cin nauyin.

Shin bayan narkewa da gyara ake auna kilo kafin a raba kuɗin katan? Kuma wannan ragin, littafin asara zai shiga ko cikin kuɗin kaso?

Matsalar ta taɓa adadin da muke ajiyewa. Katan uku ya kamata su kai mu faranti 120 kafin a kawo sabo, amma ranar Juma'a tun la'asar firiza ta zama wayam. Don Allah wanda ya san aikin ya taimaka.