Shiyya uku a yanki ɗaya sun isa, ko sai da yanki na biyu?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana da nake so a ƙalubalanta, kan ajiye manhaja a cloud. Kamfanoni irin su AWS na Amazon suna raba sabobinsu, wato kwamfutocin da ke tafiyar da manhaja, yanki-yanki a duniya, kowane yanki kuma yana da shiyyoyi a gine-gine daban-daban. A ganina, duk wanda ya raba manhajarsa a shiyyoyi uku na yanki ɗaya ya gama kare kansa daga katsewar aiki. Buɗe yanki na biyu ɓarnar kuɗi ce kawai da neman wahala. Wa ke da ja?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, Aminu. A 28 ga Fabrairu 2017 wani ma'aikacin AWS ya yi kuskure wajen rubuta umarni, ya cire sabobi fiye da waɗanda ya yi niyya, S3, tsarinsu na ajiye fayiloli, ya tsaya a yankin us-east-1 na kusan awa huɗu. Wanda yake shiyya ɗaya da wanda yake uku duk tare suka zauna jira, domin abin da ya lalace na yankin ne gaba ɗaya. A Afrilun 2023 ma malalar ruwa ta jawo gobara a wani gini da Google Cloud ke amfani da shi a Paris, ayyuka da dama na yankin europe-west9 suka tsaya. Duk mai son manhajarsa ta rayu, yanki biyu dole ne.

Injiniya Halima: Ku biyun kun tsallake wani abu da ya riga wannan gardamar. Aminu, kafin a zo kan yanki na biyu, shiyyoyi ukun naka ma ba lallai su cece ka ba. Bari mu yi lissafi.

A ce manhajarka tana buƙatar saba 12 a lokacin da jama'a suka fi yawa. Ka raba su huɗu-huɗu a shiyya uku. Wuta ko na'urar sanyaya ɗaki ta lalace a shiyya ɗaya, saura saba 8 su ɗauki aikin 12. Kowace tana ɗauke da aikinta da rabin na wata. Sai amsa ta fara jinkiri, wayoyin mutane su yi ta sake turo buƙata, lodin ya ƙaru. Mai rarraba lodi ya ga wata saba ba ta amsa gwajin lafiya da wuri, ya cire ta, saura 7. Haka za su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali babu abin da ya sami ginin da suke ciki.

Idan kana so ka tsira, sai shiyyoyi biyun da suka rage su iya ɗaukar dukkan aikin. Wato shida-shida a shiyya uku, saba 18. Da shiyya biyu kake, sai ka ajiye 12 a kowace, 24 ke nan. Shi ya sa nake fifita uku a kan biyu: rarar da za ka biya rabi ce, ba ninki ba.

Aminu: Injiniya, ai akwai tsarin da ke ƙara saba da kansa in lodi ya hau. Me zai sa in biya kuɗin saba shida da ke zaune ba aiki?

Injiniya Halima: Saboda ranar da shiyya ta faɗi ba kai kaɗai ke neman saba ba. Duk kwastomomin da ke cikinta a minti ɗaya za su ruga sauran biyun, kuma irin sabar da kake so tana iya ƙarewa. Sannan akwai bambanci tsakanin sabar da ta riga ta tashi tana aiki da tsarin da ke tada sabuwa. Wannan tsarin mai karɓar umarni ya fi rikitarwa, kuma sau da yawa shi ne ke fara tangal-tangal in an sami matsala, yayin da sabobin da ke kunne suke ci gaba da aikinsu. Ko ya amsa maka ma, sabuwar saba na buƙatar mintuna kafin ta tashi, ta ɗauko manhaja, ta ci gwajin lafiya. A cikin mintunan nan ne takwas ɗin suke durƙushewa. Ka bar ƙarin saba ta atomatik don hauhawar jama'a ta yau da kullum, amma kada tsirarka daga faɗuwar shiyya ta rataya a kanta.

Malam Bashir: Ni dai a fahimtata amfanin yankuna shi ne kusanci. Ka sa manhaja kusa da masu amfani da ita, shafi ya buɗe da sauri. In kana da bakof kullum dare, me kuma ake nema?

Rukayya: Malam Bashir, saurin buɗe shafi wata magana ce daban, yau kan katsewa ake. Amma bakof ɗin da ka ambata ya shigo ciki. A Maris 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin cloud na OVH a Strasbourg, kuma akwai waɗanda bakof ɗinsu a wurin yake, suka rasa duka biyun. Ina naka yake kwana?

Malam Bashir: A asusu ɗaya, yanki ɗaya. To, na ji wannan.

Rukayya: Yaya Halima, ga namu tsarin ki duba mana. Rumbun bayananmu kwafi uku ne masu zaɓen shugaba a tsakaninsu. Biyu suna shiyya ta farko, ɗaya a ta biyu. Ai mun rabu a shiyya biyu ke nan, ko?

Injiniya Halima: Kun rabu a takarda, ƙanwata. Irin wannan rumbun ba ya karɓar rubutu sai mafi rinjaye sun amince, wato biyu cikin uku. In shiyya ta biyu ce ta faɗi, kuna da biyu, aiki ya ci gaba. In ta farko ce, saura kwafi ɗaya, kuma zai ƙi karɓar rubutu. Da gangan aka gina shi haka, domin ba shi da hanyar sanin ko 'yan uwansa sun mutu ne ko layin da ke tsakaninsu ne ya yanke suna can suna aiki. Ƙara kwafi na huɗu ku yi biyu-biyu ba zai gyara ba, zai ma ƙara ɓatawa: rinjaye a huɗu uku ne, don haka kowace shiyya ta faɗi kun tsaya. Ku ɗauke kwafi ɗaya ku kai shiyya ta uku, shi ke nan.

Ki kuma duba ƙofar da sabobinku ke bi su fita intanet. A AWS misali, wannan ƙofar ita ce NAT Gateway, kuma wanda aka saba ƙirƙira a shiyya ɗaya yake zaune. Mutane kan kafa guda ɗaya don rage kuɗi, su bi da dukkan shiyyoyi ta cikinsa. Ranar da shiyyarsa ta tafi, sabobin sauran suna nan lafiya amma ba sa iya kiran kamfanin biyan kuɗi ko tura saƙo.

Sadiƙ: Duk na yarda, amma ba a amsa tawa ba. Ki gyara saba 18, ki gyara rumbu, ranar da yanki ya tsaya duk sun zama banza.

Injiniya Halima: Gaskiya ne, kuma ban musa ba. Inda na rabu da kai shi ne "dole". Shiyyoyin yanki ɗaya suna kusa da juna; AWS na cewa nasu ba sa wuce kilomita 100 tsakani. Saƙo kan je ya dawo cikin milisakan ɗaya ko biyu, don haka rumbu zai iya jira kwafinsa na wata shiyya ya tabbatar da kowane rubutu kafin ya ce wa mai saye an karɓa. In babban ya faɗi, babu abin da ya ɓace.

Tsakanin yankuna abin ya sauya. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Yankuna biyu da ke da tazarar kilomita 4,000, zuwa da dawowa milisakan 40 ne a ƙalla, kuma a zahiri ya fi haka don waya ba ta miƙe ba. In sayayya ɗaya tana rubutu goma a jere, ka ƙara mata kusan rabin sakan. Shi ya sa yawanci ba a jira: ana rubutawa a nan, kwafi ya biyo baya. A ce kwafin yana baya da sakan 5, kana karɓar oda 40 a sakan. Yanki ya faɗi, ka koma na biyu, oda 200 da aka ce wa masu su an karɓa babu su a can. In na farko ya farfaɗo kuma, ga rumbu biyu da labari biyu, sai an zauna an daidaita su.

Sadiƙ: Rasa oda 200 ai ya fi rufe kasuwa awa huɗu.

Rukayya: Ga mai sayar da kaya, ƙila. Mu da muke riƙe da lissafin kuɗin mutane, gara mu tsaya mu ba da haƙuri da a ce wani ya tura kuɗi an cire masa kuma babu shaidarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aminu: To ai maganata ta tsaya ke nan, yanki ɗaya ya isa.

Injiniya Halima: Ba ka ci ba tukuna. Ka ce "ya gama kare kansa", wannan kuwa ba haka ba ne. Shiyya tana kare ka daga abin da ya sami gini: wuta, ruwa, sanyi, layi. Ba ta kare ka daga abin da ya sami yanki, kuma ba ta kare ka daga kanka. In ka tura sabuwar lambar manhaja mai matsala ga shiyyoyi uku a lokaci guda, duk za su faɗi tare. Ka riƙa turawa shiyya ɗaya, ka jira ka ga alƙaluma, sannan ta gaba. Kuma ko ba za ka tafiyar da manhaja a yanki na biyu ba, kwafin bayananka ya kamata ya kwana a can, a wani asusu daban, kuma ka taɓa gwada dawo da shi ka san awa nawa yake ci.

Abin da ya fi damuna ma ba faɗuwar shiyya gaba ɗaya ba ne. Shiyya ce ta yi rashin lafiya ba ta mutu ba: tana amsa gwajin lafiya, amma buƙata ɗaya cikin goma tana ɓacewa. Mai rarraba lodi zai ci gaba da tura mata mutane. A allon da ya haɗe shiyyoyi uku wuri ɗaya, za ka ga kuskure kusan kashi 3 cikin 100, ka yi ta neman dalili a lambar manhaja. In ka raba alƙaluman shiyya-shiyya, nan take ka ga biyu suna lafiya, ɗaya tana kashi 10. Sai ka janye jama'a daga cikinta, in kana da rarar da muka lissafa a sama.

Malam Bashir: Ta yaya mutum zai san tsarinsa zai jure kafin ranar ta zo?

Injiniya Halima: Ya kashe shiyyar da hannunsa, Malam. A fara a wurin gwaji, a toshe hanyar sadarwar shiyya ɗaya da lodi a kai, a duba agogo. Rumbun RDS Multi-AZ na AWS, mai kwafin ajiya a wata shiyya, kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ya koma kan na ajiye. Amma manhaja da yawa suna riƙe tsohon adireshin rumbun a ƙwaƙwalwa, su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa har sai an sake kunna su. Wannan ba a gane shi a zane, sai a gwaji. A maimaita da kowace shiyya, domin abin da aka manta yana iya kasancewa a ta ukun.

Sadiƙ: Ni har yanzu ina kan bakata ga duk manhajar da rai ko albashin mutane ya rataya a kanta. Sai dai zan ƙara sharaɗi: yanki na biyun da ba a taɓa komawa kansa a gwaji ba, ban lissafa shi.

Aminu: Ni kuma ban ga abin da zai sa ƙaramar ƙungiya mai injiniya uku ta ɗauki wannan nauyin ba. Zan ƙara sabobin zuwa 18, in kai bakof wani yanki. Rukayya, in kun matsar da kwafin nan, ki faɗa mana sakan nawa zaɓen sabon shugaba ya ɗauka da kuka kashe shiyya ta farko.

Rukayya: In sha Allah. Sai na fara samun amincewar shugaban wurin aikinmu kan gwajin, don shi har yanzu yana ganin toshe shiyya da gangan kasada ce.