Ribar kasuwanni masu tasowa: da wane kuɗi ake lissafa ta?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara kan kuɗin makarantar yaro da za a biya da dala nan da shekara 3. An ce mini kasuwanni masu tasowa, irin su Najeriya da Masar da Ghana, su ne ke ba da riba mai kauri yanzu, wai sama da kashi 20 cikin 100. In saka ko in bari?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo kan inda za ki saka, riƙe wannan: tunda da dala za ki biya, da dala za ki lissafa riba. Ga misali daga gida. A 2023 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas, NGX, ya tashi da kusan kashi 46 cikin 100. Wanda ya zuba naira miliyan 1 a farkon shekara ya wayi gari da kusan miliyan 1 da dubu 460 a ƙarshenta. To amma a farkon shekarar dala tana wajen naira 461 a farashin hukuma, wato miliyan ɗin nan dala 2,170 ce. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira, kafin shekara ta ƙare dala ta kai wajen 907. Raba miliyan 1 da dubu 460 da 907, za ki samu dala 1,610. A takarda ya ci riba mai yawa, a dala ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa.

Alhaji na Wapa: Malam Habu, lissafin nan naka na Turawan da ke shigo da kuɗi ta banki ne. Wa ya ga dala a 461 a lokacin? A nan wajenmu tana wajen 740 a farkon 2023, ta rufe shekara a wajen 1,200. In ka bi wannan, miliyan ɗin dala 1,350 ce, ta koma wajen 1,220. Asarar kashi 10 cikin 100 ke nan, ba kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Malam Habu: Gaskiyarka Alhaji, ga mai sayen dala a hannun 'yan canji lissafinka ne daidai. Sai dai ka ga ko a naka lissafin asara ce, a shekarar da jaridu suka yi ta murna da kasuwar. Kuma tazarar da ke tsakanin 461 da 740 ita ce babbar alamar da nake so Hajiya ta koya. Duk ƙasar da farashin hukuma ya yi nisa haka da na kasuwar bayan fage, karya darajar kuɗi na nan tafe, rana ce kawai ba a sanar ba. Haka aka yi a Masar: an daɗe ana riƙe fam a wajen 31 kan dala alhali a bayan fage ya wuce haka nesa, ranar 6 ga Maris 2024 aka sake shi, ya faɗi zuwa wajen 50 a yini guda. Wanda ya shiga a farashin 31 sai ya samu ribar kashi 61 cikin 100 kafin ya dawo da uwar kuɗinsa a dala. Ba takardar lamunin da ke biyan haka a shekara.

Hanyar gwaji mai sauƙi: ɗauki farashin dala na yau, ki ƙara masa kason ribar da aka yi miki alkawari. A ce dala 1,500 ce, riba kashi 20, kin samu 1,800. Wannan shi ne farashin da in dala ta kai shi a ƙarshen shekara, kin yi aikin banza. Sai ki tambayi kanki ko kuɗin ƙasar ya taɓa yin irin wannan faɗuwar a shekaru 5 da suka wuce. Naira, sidin Ghana, fam ɗin Masar, lirar Turkiyya, duk sun yi.

Abba Kurna: Ni fa ina ganin ana tsorata mutane. Ƙasashen nan matasa sun yi yawa, jama'a na ƙaruwa, kowa na buƙatar siminti da waya da abinci. Dole kamfanoni su ci riba. A sayi hannun jari a manta da shi shekara 10.

Anti Rabi: Abba, rabin maganarka gaskiya ce, buƙatar tana nan. Inda ta karkace shi ne ɗaukar cewa bunƙasar ƙasa tana sauka kai tsaye a aljihun mai hannun jari. MTN Najeriya ba ta rasa masu kira ba a 2023, cinikinta ƙaruwa ma ya yi, amma ta rufe shekarar da asarar wajen naira biliyan 137, saboda tana karɓar naira alhali wasu manyan nauyin da ke kanta, kamar hayar turakun sadarwa da bashi, a dala ake lissafa su. Nestlé Najeriya ma ta faɗa asara a shekarar saboda bashin kuɗin waje. Bankuna kuwa da ke riƙe da kadarorin dala riba suka kwasa daga wannan faɗuwar, har Babban Banki ya hana su raba ta a matsayin ribar masu hannun jari.

Shawarata ga duk mai sayen kamfani a irin waɗannan kasuwanni: buɗe rahoton shekara, ka tsallake hotunan shugabanni, ka je bayanan ƙarshe inda ake nuna bashi da kadara na kuɗin waje. Yawanci akwai jadawalin da ke cewa in kuɗin gida ya faɗi da kaza, riba za ta ragu da kaza. Kamfanin da ke sayarwa waje yana biyan ma'aikata da kuɗin gida, kamar masu fitar da mai ko koko, faɗuwar kuɗi ba ta cika karya shi ba. Wanda ke shigo da kayan aiki daga waje yana sayarwa da kuɗin gida, shi ne ke shan duka.

Ɗan Zongo: Ku bar ni in faɗi na Ghana, don kada a ɗauka takardun gwamnati tudun mun tsira ne. A Disamba 2022 gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashin waje, ta kuma kawo shirin musanya takardun lamuni na cikin gida: a karɓi tsofaffi, a ba ka sababbi masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. A watan nan hauhawar farashi ta haura kashi 54. Takardun baitulmali na gajeren zango kaɗai aka ƙyale. Masu takardun dala kuma, da aka kammala sulhu a 2024, akasarinsu sun yafe kashi 37 na bashin. Wato ko da dala ka ba gwamnati rance, ka tsere wa faɗuwar sidi ne kawai, ba ka tsere wa rashin biya ba.

Ga kuma raunin sa ido. A Nuwamba 2019 hukumar kula da kasuwar jari ta Ghana ta soke lasisin kamfanonin sarrafa jari 53 a lokaci guda. Lasisi gare su duka. Da yawa sun yi wa mutane alkawarin riba tsayayya, suka zuba kuɗin a kamfanonin da ke da alaƙa da masu su, da aka zo cira babu.

Maman Ikram: To in mai lasisi ma haka ne, me ya rage a duba?

Anti Rabi: Lasisi shi ne matakin farko Hajiya, ki duba sunan kamfanin da kanki a shafin SEC, hukumar kula da kasuwar jari ta Najeriya, kada ki yarda da hoton takarda da aka turo ta WhatsApp. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma ba izinin karɓar jarin mutane ba ce. Bayan nan ki tambayi wa ke ajiye kadarar. A asusun jari na gaskiya, mai juya kuɗi daban, bankin da ke ajiya daban, amintaccen da ke sa ido daban, kuma sunayensu na cikin takardar tayin. In hannun jari ne a Najeriya, dillali zai buɗe miki asusu da sunanki a CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin kasuwar, tare da lambar shaidarki ta CHN, sai ki nemi bayanin asusun daga CSCS ɗin kai tsaye ki gwada da abin da dillali ya nuna miki. Wanda ya ce riba tabbas ce kowane wata, ko ya ce za a ƙara miki in kin kawo wani, ki tuna yadda manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Malam Habu: A ƙara da ƙofar fita. MSCI, cibiyar da ke tsara ma'aunin kasuwannin hannun jari na duniya, ta fitar da Najeriya daga jerin ƙananan kasuwanninta a farkon 2024, ba don kamfanoni sun lalace ba, sai don masu jari na waje sun sayar sun kasa samun dalar fita da kuɗinsu. 'Yan'uwanmu na ƙetare masu turo kuɗi don jari, ku tabbata banki ya ba ku CCI, shaidar shigo da jari, don da ita ake neman dala ta hanyar hukuma ranar fita. Sannan a duba cinikin kamfani na kullum. In a rana ana cinikin hannun jarinsa na naira miliyan 2 kacal, kai kana riƙe da na miliyan 10, ranar tsoro ba mai saye, kuma a NGX farashi na iya sauka kashi 10 kowace rana kana kallo.

Issoufou Maraɗi: Mu a nan sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 kan yuro 1, ba ta rawa irin ta naira. A sayi hannun jari a BRVM ta Abidjan, kasuwar ƙasashe 8 na UEMOA masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, an huta.

Ɗan Zongo: An rage dai, ba a huta ba Malam Issoufou. A Janairun 1994 an zaftare rabin darajar sefa a dare ɗaya. Kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 takunkumi ya hana Nijar biyan masu takardun lamuninta na tsawon watanni, kamar yadda ya faru da Mali a 2022. Ga Hajiya ma da dala za ta biya, yuro na hawa da sauka a kan dala.

Issoufou Maraɗi: 1994 ai shekara 30 ke nan da ɗoriya. Naira sau nawa ta faɗi tun lokacin? Ni ina nan kan bakana.

Ummu Sadik: Ni ban gane ba, duk wannan ba kuɗin ruwa ba ne? Sukuk na sani, shi nake saye.

Anti Rabi: Sukuk na gwamnatin tarayya, takardar jarin da ke biyan haya maimakon ruwa, wanda aka fara a 2017, ya warware miki batun kuɗin ruwa ta fuskar shari'a, kuma akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic ga mai son kamfanonin da aka tace. Amma da naira ake biyan hayarsa. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ta fi abin da sukuk ɗin ke biya nesa ba kusa ba. Ga mai kashewa a gida ya fi barin kuɗi a kwance. Ga mai biyan makaranta da dala bai rufe ramin ba.

Malam Habu: Hajiya Maman Ikram, kuɗin da ke da ranar biya tsayayya da dala, a ajiye shi a dala, ko a asusun banki na kuɗin waje ko a asusun jarin dala mai rajista, bayan an duba takardun wace gwamnati yake riƙe da su. Abin da ya yi saura, wanda ba za a taɓa shi ba shekara 5 zuwa sama, shi ne na kasuwanni masu tasowa, kuma a shiga da shi kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba.

Alhaji na Wapa: Saura ka gaya mata dalar ma tana cin mutum. Wanda ya saya a wajen 1,900 a Fabrairun 2024, kafin tsakiyar Afrilu ta sauko kusa da 1,100. Ita ma a rarraba sayenta wata-wata.

Maman Ikram: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Rabi, zan turo miki takardar tayin asusun da aka kawo mini, ki nuna mini shafin da sunan bankin ajiya yake.