Faiba ko rauta mai sim, wanne zan ɗauka?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani ta Zoom, kusan awa huɗu kullum ban da Juma'a. Da wayata nake haɗawa, jiya sau uku tana yankewa, har uwar wata ɗalibata ta ce idan haka za a ci gaba za ta nemi wata malamar. Maigidana ya ce shi ba ruwansa, tun farko bai so aikin ba, ga kuɗin hayarmu saura wata bakwai ya ƙare kuma mai gidan yana maganar ƙari. Tayi biyu na intanet ɗin gida ne a gabana. Na faiba, wadda ake jawo wayar intanet har cikin gida: 20 Mbps, data ba iyaka, kuɗin jawo waya 60,000, duk wata 25,000, amma sai na sa hannu na shekara guda. Na rauta mai sim: har zuwa 100 Mbps, giga 150, rautar 40,000, duk wata 30,000, ba yarjejeniya. Ni dai na biyun ya fi kwanta min.

Sadiq: Anti ai ba sai an tambaya ba, 100 ya ninka 20 sau biyar. 20 Mbps fa mega ashirin kawai yake saukewa a daƙiƙa.

Injiniya Bello: Wa alaikumus salam Hajiya. Sadiq, ko ashirin ɗin bai kai ba, raba shi za ka yi gida takwas, mega biyu da rabi ke nan a daƙiƙa. Amma hakan ya ishe ta ya yi yawa, Zoom ko hoto mafi kyau ba ya neman fiye da 4 Mbps. Hajiya, ki lura da kalmar "har zuwa". Rauta mai sim da kowa a unguwa kuke raba eriya ɗaya, bayan sallar isha'i ɗarin nan yana iya komawa biyar. Kuma ke magana kike ana kallonki, don haka saurin aikawa ne ya shafe ki, wanda ba kasafai suke rubuta shi a talla ba. Ki tambaye su.

Sai batun giga 150. Ki ɗauka karatun bidiyo na awa guda yana cin kamar giga ɗaya. Awa huɗu sau kwana 26, giga 104 ke nan sun tafi a karatu kaɗai. Saura 46 ga duk gidan. Idan yara suka kunna YouTube a talabijin awa biyu a rana, wata ba zai ƙare ba sai sun ƙare. Daga nan ko a rage miki gudu ko ki sake saye. Faiba za ki ɗauka, ba shakka.

Anti Rabi: Hmm, faiba! Mu da muka saka, masu haƙa kwalbati suka datse wayar a bakin layinmu, muka fi mako ba sabis, kuɗin wata kuma ba su rage ko sisi ba. Ka kira, a ce ma'aikata suna hanya. Allah ya isa kawai na ce.

Maman Hanif: Injiniya na gode, amma yarana ba sa kallo haka, ina sa musu ido sosai. Kuma rautar in na tashi sai in sa ta a jaka in tafi.

Baban Khadija: Tana da gaskiya a nan, Injiniya ka tsallake maganar haya. A wata bakwai faiba zai ci 235,000, rauta 250,000, kusan ɗaya. Amma idan ta tashi kuma takardar ta ce sai ta biya ragowar wata biyar, 125,000 ne a kai, ya zama 360,000. Hajiya, kafin ki sa hannu ki sa su nuna miki a rubuce: nawa ne tarar fita, kuma suna mayar da layi sabon gida ko sai an sake biyan kuɗin jawowa? Mai gidan ma ya yarda a huda masa bango?

Injiniya Bello: Wannan duk ana sasantawa. Ɗalibar da ta tafi kuwa ba ta dawowa. Hajiya, wace unguwa kike? Ki ari rautar wani mai irin wannan layin, ki ajiye ta a ɗakin da kike karatu, ki buɗe shafin gwada gudun intanet na fast.com daidai lokacin darasi, kwana uku a jere. Ki danna Show more info ki ga Upload, wato saurin aikawa. Idan yana sauka ƙasa da 3, ki manta da ita.

Sadiq: Ku bar wahalar nan, Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya tun 2023.

Anti Rabi: Sadiq, mai lissafin dubu sittin kake cewa ta sayi wannan? Kuma duk cikinsu ba wanda ke aiki in an ɗauke wuta, ba wanda ya yi maganar batir.

Maman Hanif: Ni fa ba ni da wanda zan ara a wurinsa, kuma yaron shagon ya rantse min sabis ɗinsu yana da ƙarfi a wajenmu. Na riga na ba shi 15,000 ya ajiye min rautar. Baban Khadija, idan sun ce ba tarar fita, kana ganin in bar masa kuɗin?

Injiniya Bello: Hajiya, har yanzu ba ki faɗi unguwar ba.